Sabon rimot yana kashe talabijin amma ya ƙi buɗe MENU: a canja lamba ko a koya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi rimot irin wanda ake cewa yana aiki da kowace na'ura a wajen Taminus, domin ya haɗa mini talabijin da dikoda da rediyon falo. Na shigar da lamba ta uku cikin biyar ɗin da ke ƙarƙashin sunan talabijin ɗina, ya kashe ta, murya ma tana ƙaruwa tana raguwa, amma SOURCE da MENU ba sa yin komai, kibiyar sama kuma tasha take canjawa. Tsohon rimot ɗin yana nan, sai dai maɓallin kunnawa da na murya sun mutu. A jikin sabon an rubuta LEARN. In mayar musu da kayansu ne, ko akwai yadda zan yi? Daga wani malamin makaranta a Rikkos, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka mayar da shi, domin rimot ɗin nan lafiyarsa ƙalau, kuma ko an canja maka da wani sabo fil irinsa, abin da ka gani shi za ka sake gani. Lambar da ka shigar ce ta yi kusa da daidai ba ta kai ba. Aikin da ke gabanka hawa biyu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci: ka fara neman lambar da ta fi dacewa da talabijin ɗinka, sannan ka cike giɓin da ya rage ta hanyar koya wa sabon rimot maɓallan tsohon. Wanda ya fara da koyarwa kafin ya tsayar da lamba yakan yi aikin sau biyu, zan kuma faɗi dalili a gaba.

Sai an san abin da rimot yake aikawa kafin a gane yadda lamba take yin rabin aiki. A goshin rimot akwai ɗan ƙwai mai fitar da haske irin wanda idon mutum ba ya gani. Idan ka danna maɓalli, hasken yana ƙyaftawa da sauri ƙwarai, a mafi yawan na'urori kusan sau 38,000 a sakan ɗaya, kuma ana yanyanka wannan ƙyaftawar gajere da dogo har ta zama saƙo. Saƙon kashi biyu ne. Kashi na farko adireshi ne, wato wace na'ura ake kira, na biyu kuma umarni ne, wato me ake so ta yi. A talabijin ɗin LG, alal misali, adireshin shi ne 4, umarnin kunnawa da kashewa 8 ne, ƙara murya 2, rage murya 3, MUTE kuma 9. Lambar da ke cikin ɗan littafin rimot ɗinka ba ita ake aikawa talabijin ba. Ita lambar shafi ce kawai a cikin kundin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar rimot, kuma kowane shafi yana ɗauke da yaren da za a yi magana da shi, da adireshin, da jerin umarnin da aka ɗora wa kowane maɓalli.

To shafi biyu suna iya haɗuwa a yare da adireshi, su haɗu a umarnin kunnawa da na murya da na lambobin tasha, amma su rabu a sauran. Tsarin RC-5 da kamfanin Philips ya fito da shi a shekarun 1980 misali ne mai kyau: a cikinsa adireshin talabijin 0 ne, kashewa 12, ƙara murya 16, rage murya 17, kuma kamfanoni da yawa sun bi wannan jeri ba su canja ba. Maɓallan da suka zo daga baya kuwa, irin su MENU da kibiyoyi da zaɓen kafar shigowar hoto, kowane kamfani ya ɗora su inda ya ga dama. Wannan ne ya sa kibiyarka take canja tasha. Talabijin ta ji kiran, ta gane ita ake nufi, amma umarnin da shafin nan ya rubuta a matsayin kibiyar sama, a wurinta na canja tasha ne. Saboda haka kashe talabijin shaida ce mai rauni, domin shi ne umarnin da shafuka suka fi tarayya a kansa. Ni a shago ba na yarda da lamba sai MENU ya buɗe, kibiyoyi huɗu sun tafi inda aka nufa, OK ya zaɓa, EXIT ya rufe, SOURCE kuma ya fito da jerin kafofin HDMI da AV.

Dalilin da ya sa suna ɗaya yake da lambobi biyar shi ne sunan da ke goshin talabijin ba lallai ne ya nuna wanda ya ƙera allon cikinta ba. Ƙananan kamfanoni da yawa sayo allon suke yi daga masana'antu daban-daban, har ka ga talabijin biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya, tsakaninsu shekara biyu kacal, rimot ɗin wannan ba ya motsa waccan. Haka kuma 'yan kwatano da aka shigo da su daga Turai, da yawansu kamfanin Vestel na ƙasar Turkiyya ne ya ƙera su aka liƙa musu sunaye irin su Telefunken da Finlux da Hitachi, shi ya sa lambar wani suna daban takan yi aiki a kansu fiye da tasu. Akwai kuma abin da mu masu gyara muke jawowa da hannunmu: idan allon talabijin ya ƙone, ba a samu irinsa ba, mukan sa mata allon gama-gari wanda yake zuwa da nasa rimot. Daga ranar sunan da ke goshinta ya zama ado kawai, lambobin kamfaninta ba za su sake yi mata aiki ba. Idan an taɓa yi wa taka irin wannan gyara, ka tsallake jerin kamfanin gaba ɗaya, ka tafi kan bincike ko koyarwa.

Kada kuma ka wahalar da kanka da jerin lambobin da ake samu a intanet sai ka tabbatar na samfurin rimot ɗinka ne. Lambar 2051 tana cikin lambobin Samsung a rimot ɗin One For All, amma a rimot ɗin wani kamfani tana iya zama shafin wata na'ura dabam ko ma babu ita sam. Hatta kamfani ɗaya yakan sauya jerinsa: rimot ɗin GE suna da rubutu a cikin gidan batir, CL3 ko CL4 ko CL5, kuma kowanne da nasa jeri. Ɗan littafin da ya zo a cikin kwalin shi ne abin dogaro, don haka ka ɗauki hotonsa da waya tun kafin yara su yage shi.

Ka fara da lamba ta huɗu da ta biyar, sannan ka koma kan ta farko da ta biyu ka sake gwada su da natsuwa, domin akwai lambar da ba ta kashe talabijin amma tana buɗe MENU daidai. Hanyar shigarwa iri biyu ce ta fi yawa. A irin GE da makamantansa, ana riƙe SETUP har jar fitila ta tsaya a kunne, a danna TV, a shigar da lamba mai alƙaluma huɗu, fitilar ta mutu, alamar ta karɓa ke nan. A irin One For All kuwa, ana danna TV, a riƙe MAGIC ko SETUP har fitila ta ƙyafta sau biyu, a shigar da lambar, ta sake ƙyaftawa sau biyu. Idan ta yi ƙyaftawa ɗaya doguwa, to ta ƙi. Rimot ɗin Sin da suka cika kasuwa galibi SET ake haɗawa da maɓallin na'ura ko da POWER, littafin naka zai nuna wanne ne. Ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta lambobin biyar a jere, a gaban kowace ka rubuta maɓallan da suka yi aiki. Wadda ta fi cin maki ita ce tushenka. Ina kuma ba ka shawara, tun da tsohon rimot ɗinka yana iya koyar da komai ban da kunnawa da murya, ka fifita lambar da take da waɗannan biyun daidai ko da ta gaza a wasu wurare, domin su ne ba ka da inda za ka kwafo su cikin sauƙi. Ta wannan ma'auni lamba ta uku da kake kai yanzu tana iya zama ita ce za ka zauna a kanta, kuma a gaskiya ka yi sa'a da abin ya faɗo haka.

Idan kana so ka nemi wadda ta fi ta, akwai bincike, inda rimot yake bin shafukansa ɗaya bayan ɗaya yana aika umarni ɗaya daga kowanne. A One For All ga yadda yake:

```
TV
MAGIC (riƙe har ƙyaftawa biyu)
9 9 1
POWER
CH+ CH+ CH+ ... har talabijin ta mutu
MAGIC
```

Kuskuren da kowa yake yi a nan gaggawa ce. Talabijin ta zamani takan ɗauki sakan ɗaya ko biyu kafin ta nuna ta ji, mutum kuma yana ta danna CH+ kamar mai jan carbi, kafin allon ya yi duhu ya riga ya wuce shafin da biyu ko uku, sai ya ajiye lambar da ba ta aikin komai. Ka bar sakan biyu tsakanin dannawa da dannawa, idan kuma ka wuce, CH- yana komawa baya. Shafukan suna iya kai ɗaruruwa, don haka aikin zama ne, ba na tsaye ba. Bayan ka samu, ka tambayi rimot ɗin lambar da ya tsaya a kai: a wannan samfurin ana shigar da 990 a madadin 991, a danna 1 a ƙirga ƙyaftawar fitila a samu alƙalami na farko, a danna 2 a samu na biyu, haka har na huɗu, inda kuma fitila ba ta ƙyafta ba sifiri ne. Ka rubuta lambar a 'yar takarda ka manna ta a cikin murfin batir.

Sai koyarwa. A nan rimot ba ya duba kundinsa, yana da ɗan ido a goshinsa da yake kallon hasken tsohon rimot ya auna tsawon kowace ƙyaftawa ya haddace. Tun da aunawa ce, duk abin da ya gurɓata hasken yana shiga cikin haddar, shi ya sa shiri ya fi dannawar kanta muhimmanci. Ka sa sababbin batura a duka biyun, musamman tsohon, domin batir mai rauni yana ba da haske mai rauni wanda talabijin za ta iya ji amma idon rimot ba zai kama shi sosai ba. Ka cire ledar da aka naɗe tsohon da ita, in dai gidanka kamar sauran gidajenmu ne, ka goge goshinsa, domin ledar da ta sha hannu da ƙurar hunturun Jos ta riga ta zama labule. Ka bar bakin taga da hasken rana, ka kashe dogon ƙwan lantarki ko mai murɗaɗɗen gilashi idan shi ne a ɗakin, saboda irin waɗannan suna fitar da hasken da yake rikita idon. Ka ajiye su a kan tebur, goshi da goshi, tsakaninsu kamar faɗin yatsu biyu, wato santimita 2 zuwa 5, kuma ka duba cewa ƙwan tsohon yana kallon idon sabon kai tsaye. Idan ɗaya ya fi kauri, ka sa littafi a ƙarƙashin ɗayan. Ya fi kyau ka yi aikin a wani ɗaki, ko ka kashe talabijin daga bango, don kada ta riƙa amsa umarnin tana ɗauke maka hankali.

Jerin dannawar a One For All shi ne wannan, sauran samfura ma tsarinsu ɗaya ne ko da sunan maɓallan ya bambanta, a naka LEARN ne zai tsaya a madadin layi biyun farko:

```
MAGIC (riƙe har ƙyaftawa biyu)
9 7 5
TV
SOURCE (a sabon rimot)
SOURCE (a tsohon rimot, riƙe har ƙyaftawa biyu)
MAGIC (riƙe, don fita)
```

Kafin layin ƙarshe kana iya ci gaba da sauran maɓallan: ka danna MENU a sabo, ka riƙe MENU a tsoho, haka kibiyoyi huɗu da OK da EXIT. Rimot ɗin ba ya jira da yawa, bayan 'yan sakanni yakan fita daga koyo da kansa, don haka ka jera maɓallan a takarda tun farko, yatsanka kuma ya kasance a shirye.

Lokacin dannawa shi ne inda aikin yake lalacewa, kuma dalilinsa yana da ban sha'awa. A tsarin NEC, wanda LG da yawancin ƙananan kamfanoni suke amfani da shi, idan ka riƙe maɓalli ana aika cikakken saƙon sau ɗaya ne kawai a farko, abin da yake biyo baya ɗan gajeren saƙo ne da ake maimaitawa kusan sau tara a sakan, ma'anarsa kawai "ci gaba da abin da na faɗa". Wannan ɗan saƙon ba ya ɗauke da adireshi ko umarni. Idan ka riga ka danna tsohon rimot kafin sabon ya buɗe ido, to farkon ya wuce shi, sai ya haddace "ci gaba" kaɗai, fitila ta nuna an karɓa, amma maɓallin ba zai yi komai ba a gaban talabijin. Idan kuma ka taɓa ka saki da sauri, ya kama saƙon farko bai kama na maimaitawa ba, sai ka ga kibiya ko murya tana tafiya mataki ɗaya ta tsaya ko da ka riƙe. Saboda haka ƙa'idar ita ce ka jira fitilar sabon ta nuna yana sauraro, sannan ka danna tsohon dannawa ɗaya mai ƙarfi, ka riƙe, kada ka saki sai fitila ta ba da alamar karɓa. Maɓallin da ya ƙi, ka sake koya masa a kan na da, sabuwar hadda tana goge tsohuwa.

Wata alama kuma ita ce maɓallin da aka koya ya yi aiki idan ka matso gaban talabijin, amma daga kujera ya ƙi. Wannan yakan nuna rimot ɗin bai auna saurin ƙyaftawar daidai ba, ko kuma irin mai arha ne da yake mayar da komai a kan 38,000, alhali na'urar tana sauraron 36,000 kamar Philips ko 40,000 kamar Sony. Ka sake koyarwar da ɗan ƙarin tazara, domin kusanci fiye da kima yana kashe wa idon gani kamar yadda tocila take yi wa mutum. In ya ci gaba da haka, iyakar ƙarfin rimot ɗin ke nan.

Akwai matsala ɗaya da ta fi waɗannan wuyar ganewa, bari in ba ka labarinta yadda ta zo mini. Wani mai gidan kallon ƙwallo a wajen titin Bauchi ya kawo mini rimot ɗin da ya koya wa dukkan maɓallan dikodarsa da kansa, kuma ya yi aikin da kyau, kowane maɓalli idan ka gwada shi shi kaɗai yana amsawa. Kukansa shi ne idan ya danna 115 dikoda tasha ta 15 take kai shi, idan ya danna 200 ta kai shi 20, kibiyar ƙasa kuma sau ɗaya take sauka ta ƙi sake motsi, sai ya danna wani maɓalli ya dawo. Ya canja batir sau biyu, ya kuma ɗauka maɓallan ne suke maƙalewa. Da na ji cewa alƙalamin da aka maimaita ne kaɗai yake ɓacewa, na san inda matsalar take. A tsarin RC-5 da ƙaninsa RC-6 akwai wata 'yar alama a cikin saƙon da take juyawa tsakanin 0 da 1 duk lokacin da aka saki maɓalli aka sake dannawa, da ita na'ura take bambanta wanda ya riƙe maɓalli da wanda ya danna sau biyu. Rimot ɗinsa ya haddace maɓallin 1 da alamar a tsaye wuri ɗaya, don haka dannawa ta biyu tana zuwa iri ɗaya sak da ta farko, dikoda kuma tana ɗaukar cewa har yanzu yatsansa bai ɗaga ba.

Maganin da ya dace shi ne lamba, domin idan shafin kundi ne yake aiki, rimot ɗin da kansa yake juya alamar. Mun zauna muka bi shafukan SAT ɗaya bayan ɗaya, wajen minti ashirin, har muka samu wanda alƙaluma da kibiyoyi da OK suka yi daidai a kansa, muka goge haddar da ke kan waɗannan maɓallan, muka bar koyarwa a kan maɓallai uku kacal da shafin ya rasa, waɗanda dama ba a danna su sau biyu a jere. Da ba mu samu shafi ba, dabarar da ta rage ita ce a koya wa maɓallai biyu umarni ɗaya daga dannawa biyu a jere na tsohon rimot, ɗaya ya ɗauki alamar a 0 ɗayan a 1, a riƙa karɓa-karɓa tsakaninsu. Tana aiki, amma ba abin da za ka miƙa wa mai gida da yara ba ne. Saboda wannan, bayan ka koya wa kibiyoyinka, ka buɗe MENU ka danna kibiyar ƙasa sau uku a jere. Idan ta sauka sau uku, wannan matsalar ba ta shafe ka ba. Wasu rimot masu kyau suna gane tsarin da kansu, wasu kuma sukan nemi ka danna tsohon sau biyu lokacin koyo, kuma wannan alamar suke nema.

Idan ya zamana lambar da ta fi dacewa ba ta da kunnawa ko murya, matattun maɓallan tsohon ma ana iya tayar da su na ɗan lokaci. A ƙarƙashin kowane maɓallin roba akwai ɗan baƙin tabo mai ɗaukar lantarki, wanda yake haɗa layuka biyu a kan allo idan an danna. Maiƙon hannu da datti suna rufe shi, ko ya sude saboda yawan aiki, shi ya sa maɓallan da aka fi dannawa suke fara mutuwa. Ka cire batir, ka buɗe rimot ɗin a hankali, ka goge allon da tabon da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Idan bai tashi ba, ka mayar da batir allon yana buɗe, ka ɗauki robar ka ɗora tabon wani maɓalli mai lafiya a kan gurbin POWER ka danna. Umarnin daga gurbin allo yake fitowa, ba daga robar ba. Dannawa ɗaya mai kyau kake buƙata a gaban sabon rimot. Don ka tabbatar haske yana fita, ka kalli ƙwan ta kyamarar waya, za ka ga yana walƙiya fari-fari ko ruwan hoda. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, ka gwada ta gaba, domin wasu wayoyi suna tace wannan hasken.

Wannan gwajin kyamara zai kuma gaya maka abin da ba ya koyuwa. Rimot ɗin da ake yi wa magana ko mai nuna kibiya a allo, irin Magic Remote na LG da na Fire TV Stick, ta iska suke aika yawancin umarninsu, ba ta haske ba, don haka idon sabon rimot ba shi da abin da zai gani. Talabijin ɗin LG dai tana da idon haske, lamba za ta yi mata aiki, amma Fire TV Stick ba shi da shi. Na'urar sanyaya ɗaki ma daban take, ko da yake mu a Jos bargo muka fi nema: rimot ɗinta yana aika dukkan yanayin a saƙo ɗaya mai tsawo, zafi da ƙarfin fanka da sauransu, don haka in ma an koya, yanayi ɗaya aka haddace, misali 24 da fanka a tsakiya, ba maɓallin ƙari ko ragi ba.

Dikoda da rediyon falo hanya ɗaya za ka bi musu, kowanne a ƙarƙashin maɓallinsa, SAT ko CBL ga dikoda, AUX ko AUDIO ga rediyo. Ƙananan rediyon falo ba kasafai ake samun lambarsu a kundi ba, amma maɓallan da ake buƙata ba su wuce biyar ba, kunnawa da murya biyu da MUTE da zaɓen kafa, don haka koyarwa ta fi sauri. Ka lura cewa hadda tana zama ne a ƙarƙashin na'urar da ka zaɓa lokacin koyo: abin da ka koya a TV ba zai fito ba idan rimot yana kan SAT. Rabin masu dawo mini da rimot suna cewa ya lalace, wani ne a gida ya danna DVD bai sani ba. Tun da a kan dikoda za ku fi zama, sauti kuma daga rediyo yake fita, ka kulle murya a kan rediyon. A One For All ana riƙe MAGIC, a shigar da 993, a danna maɓallin na'urar da ake so ta riƙe murya. A wasu littattafan za ka ga an rubuta VOLUME LOCK ko PUNCH THROUGH. In naka ba shi da wannan, ka shiga SAT ka koya wa maɓallan murya umarnin rediyon kai tsaye.

Dalilin da na ce lamba kafin koyarwa shi ne, a wasu rimot canja lamba yana share duk abin da aka koya a ƙarƙashin wannan na'urar, a wasu kuma haddar tana zama a kan maɓallin ta danne sabon shafin, har ka yi zaton sabuwar lambar ce ba ta aiki. A One For All 976 ne yake goge hadda, 981 kuma yana mayar da rimot yadda ya fito daga kwali, lamba da hadda duka, don haka kada ka taɓa shi sai da niyya. Ƙwaƙwalwar koyo ma tana da iyaka, idan ta cika fitila za ta riƙa ƙin karɓa ko da ka yi komai daidai, shi ya sa ba a ɓata ta a kan maɓallan da lamba ta riga ta ba ka. Bayan ka gama, ka cire batir na minti ɗaya ka mayar, ka gwada SOURCE da MENU, domin ka san tun yanzu ko naka yana riƙe hadda idan batir ya ƙare. Tsohon rimot ɗin kuma ka cire masa batura don kada su zubar da ruwa su cinye allon, ka ajiye shi a durowa tare da takardar lambobin.